Sunan da ke takarda daban, mai cin riba daban

A 1998, lokacin mulkin Abacha, ministan man fetur Dan Etete ya ba wa wani sabon kamfani mai suna Malabu rijiyar man OPL 245. Da a ranar za ka buɗe jerin masu hannun jarin kamfanin, ba za ka ga sunan minista ba. Sai a 2013 wata babbar kotu a Landan ta bayyana cewa Etete ne babban mai cin moriyarsa, bayan kamfanonin mai na Shell da Eni sun biya dala biliyan 1.3 kan rijiyar a 2011.

To, wannan giɓin ne rajistar ainihin masu kamfani ta zo cikewa. Jerin masu hannun jari yana gaya maka sunan wanda aka rubuta ne kawai, kuma sunan na iya zama na wani kamfanin, ko na direban Alhaji. Ita kuwa rajistar, ɗan Adam take nema, mai rai da jini: wa ke cin ribar, wa ke juya akalar?

Mu ƙaddara wani kamfanin gine-gine ya samu kwangilar hanya. A takarda, wani kamfani na biyu ne ke da kashi 60 cikin 100 na jarinsa. Jeri a nan ya tsaya. Rajista kuwa sai ta ƙara taku, ta tarar rabin kamfani na biyun na matar kwamishinan ayyuka ne. Rabin 60 shi ne 30, ke nan kashi 30 na ribar hanyar gidan kwamishina zai shiga, alhali sunan gidan bai fito ko'ina ba.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana irin waɗannan mutane a Najeriya, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kuma ta buɗe rajistar ga jama'a a 2023. Ma'aunin kashi 5 ne, na jari ko na ƙuri'a, kai tsaye ko ta bayan gida, ƙasa sosai da kashi 25 na Birtaniya. Ko ba ka da sisin kwabo a jarin, muddin kai ke da ikon naɗawa ko tsige yawancin daraktoci, ko kai ne ake jira ka ɗaga kai kafin a yanke shawara, doka ta ce a rubuta ka.

Inda nake da ja shi ne, kamfani ne ke cike bayanin da kansa. Wanda ya ɓoye a bayan direbansa a jerin farko, me zai hana shi sake rubuta direban a na biyu? Wani ma sai ya yanyanka jarin kashi huɗu-huɗu tsakanin dangi 25, kowa ya faɗo ƙasa da ma'auni. Lambar NIN za ta tabbatar direban mutum ne na gaske, amma ba za ta nuna ko kuɗin nasa ne ba. Wannan sai an gwada bayanan CAC da na banki, da na haraji, da fom ɗin kadarorin da jami'an gwamnati ke miƙa wa hukumar ɗa'ar ma'aikata. Ranar da aka ga mai albashin dubu 70 yana riƙe da kamfanin biliyoyi, daga kansa ya kamata tambaya ta fara.