Manaja da Bakwai Mai Ɗamara

MANAJA: Akawu! Wa ya rubuta rasit ɗin nan?

AKAWU: Ni ne, ranka ya daɗe.

MANAJA: Wannan bakwai ce, ko ɗaya ce ta sa hula?

AKAWU: Bakwai ce. Katan bakwai na taliya.

MANAJA: To ka ja mata ɗamara a tsakiya. A kasuwar Singa ba a barin bakwai tsirara. Ka buɗe katan ɗin ka ƙirga?

AKAWU: Ashirin-ashirin ne a ciki, kuma kamfani ne ya liƙe su.

MANAJA: Kamfani ƙanin babanka ne? Kuma wannan biron daga ina?

AKAWU: Na da ne ya ƙare, na sayi wani naira ɗari biyu.

MANAJA: Ba izini? Shuɗi kuma? Yau biro, gobe sai in zo in tarar ka saya wa shago tirela!

(Mai saye yana tsaye da kuɗinsa, 'yan dako uku sun jingina da kura suna hamma, Manaja kuwa ya ɗaga biron sama yana duba yawan tawadarsa a hasken rana, tunda ba a kawo wuta ba tun shekaranjiya.)

Da aka fito daga sallar azahar Akawu ya zube a bencin Baba Maigadi yana huci.

AKAWU: Baba, yau zan ajiye aikin nan. Da digirina, a tsaya a kaina ana koya mini rubuta bakwai? Ko banɗaki na shiga sai ya tambayi minti nawa zan yi.

BABA: Nawa ka ce masa?

AKAWU: Baba, ba wasa nake ba. Mutumin nan ya tsane ni.

BABA: Ina ya ga lokacin tsanarka, ɗana? Tsoro ne ya cika masa ciki. Kujerar da kake kai, a kanta ya yi shekaru, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren kwabo ba. Don haka Alhaji ya ɗaga shi. Sai dai an ba shi manaja, ba wanda ya nuna masa yadda ake sakar wa wani aiki. Abin da ya iya shi ne rasit, shi ya sa kullum hannunsa ke ƙaiƙayi a kan naka.

AKAWU: To ni na sa a ɗaga shi?

BABA: Bari in ƙarasa. Ka tuna farkon 2023, da aka canza kuɗi, tsabar naira ta ɓace, kowa ya koma taransifa? Yaron da ka gada ya saki buhun sukari arba'in, wani mai babbar riga ya nuna masa hoton alat a waya. Kuɗi ba su shiga ba har yau. Yaro ya tsere garinsu, Alhaji ya riƙa yankar albashin Manaja wata bayan wata. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

AKAWU: Ni ne tsumman ke nan.

BABA: Kai da bironka. Ga Alhaji kuma, ko yana gaban Ka'aba sai ya bugo waya ya tambayi buhun shinkafa nawa ya rage a sito. In Manaja ya ce bari ya duba, ranar sai ya sha zagi har kakanninsa. Yana ajiye waya, kan wa zai faɗo?

AKAWU: To yaya zan yi? In zage shi in huta?

BABA: Ka riga shi. Abin da zai zo ya tambaya, ka kai masa kafin ya taso. Ka ce zama uku za ku riƙa yi, ƙarfe goma, bayan azahar, da kafin a rufe. Takarda ɗaya tak: abin da ya shigo, abin da ya fita, kuɗin da ke aljihun tebur, da na banki. Sannan ka nemi ya yanka maka iyaka, kuɗin da za ka iya kashewa ba sai ka tambaya ba. Ka fara ba shi abin da ke hana shi barci, sannan ka roƙi naka. Kuma kada ka yi a gaban masu saye, mutumin nan da a ce ya yi kuskure a gaban jama'a gara a ce gobara ta tashi. Ka bari ya ci tuwo.

Washegari, bayan Manaja ya suɗe kwano.

AKAWU: Ranka ya daɗe, ga lissafin safe. Shinkafa buhu 62 a sito, sukari 118, taliya katan 240. An fitar da katan 35, duk na ga kuɗinsu a asusun shago da idona kafin a ɗora a kura.

MANAJA: Wa ya tambaye ka?

AKAWU: Ba kowa. Don in Alhaji ya kira ne.

MANAJA: (Ya juya takardar gaba da baya yana neman laifi.) Hmm. Ai dama ni na yi niyyar ce maka ka riƙa yin haka.

AKAWU: Na sani, ranka ya daɗe. Sai abu biyu da nake so mu rubuta. Kaya ba sa fita a kan hoton alat, sai kuɗi sun shiga. Bashi kuma ba na ba kowa sai da sa hannunka, ko limamin unguwa ne.

MANAJA: Yauwa! Yanzu ka fara zama mutum.

AKAWU: Ƙananan sayayya kuma, biro, leda, ruwan 'yan dako, in ba su kai dubu goma ba, in saya in kawo maka rasit da yamma.

MANAJA: Dubu goma? Albarka!

AKAWU: Dubu biyar.

MANAJA: Ɗari biyar, kuma ban ci riba ba.

AKAWU: Ledar shago kaɗai ta fi haka, ranka ya daɗe. Mu gwada dubu uku na mako biyu. In ka sami kwabo ya ɓata, mu koma yadda muke.

MANAJA: Dubu biyu da ɗari takwas. Ka cire kuɗin biron jiya.

AKAWU: Na sallama. Sai na ƙarshe. Ɗazu ka ce in ƙirga sito, ka kuma ce in je banki kafin a rufe. Wanne zan fara?

MANAJA: Duka biyun!

AKAWU: To in fara da wanne daga cikin duka biyun?

MANAJA: Banki mana. Komai sai an gaya maka?

(Waya ta yi ƙara. Manaja ya miƙe tsaye, ya cire hula, kamar Alhaji na ganinsa.)

MANAJA: Ranka ya daɗe! Shinkafa? Sittin da biyu. Sukari ɗari da sha takwas. A'a, a kaina suke, ranka ya daɗe, ni ba na buƙatar duba takarda.

Bayan kwana uku Akawu ya fito zai tafi banki, ya tarar da Baba a bakin ƙofa fuska a murtuke, Manaja tsugune gaban butar shayinsa.

AKAWU: Baba, lafiya?

BABA: Ina lafiya, ɗan nema? Ka bar shi ba aikin yi.

MANAJA: Baba, cokali nawa na sukari ka zuba? Kawo kofin in gani.