Shamfu mai shunayya ba bilic ba ne

'Yan uwa mata masu rina gashi ya koma ruwan zinare, da masu sayen hular gashi mai lamba 613, wato mai ruwan zinare mai haske, akwai wani kuskure da nake yawan gani, kuma yana cin kuɗi yana cin gashi. Mace ta ga gashinta ya fara ja-ja ko ya yi ɗorawa shar, sai a ce mata ta sayi shamfu mai launin shunayya zai ƙara masa haske. To, wannan shamfun ba ya haskaka gashi ko kaɗan. Launi yake ɗorawa a kai.

Baƙin gashi idan aka sa masa bilic, ba tashi ɗaya yake yin fari ba. Bilic yana cinye sinadarin da ke ba gashi launi, sai baƙin ya riga tafiya, ja da ɗorawan da ke ƙarƙashi su yi taurin kai. Shi ya sa gashin yake bi mataki-mataki: ja, ruwan goro, ɗorawa, sannan ɗorawa mai haske kamar cikin ɓawon ayaba. Masu gyaran gashi suna auna wannan daga lamba 1, wato baƙi wuluk, zuwa 10.

Aikin shamfun daidai yake da na bula a farin kaya. Bula ba ta cire dauɗa, ɗan shuɗin da take bari ne yake danne ɗorawan da ke jikin yadin, ido ya ga fari tas. Haka shunayya take danne ɗorawa, shuɗi kuma ya danne ruwan goro. Saboda haka shamfu mai shunayya na gashin da ya kai kamar lamba 8 zuwa 10 ne, mai shuɗi kuma na wanda ya tsaya a wajen 5 zuwa 7. In kin juya kwalbar mai shunayya, sau da yawa za ki ga CI 60730 a jerin kayan haɗin, shi ne rinin.

Ga yadda abin yake lalacewa. A ce mace mai baƙin gashi ta yi bilic sau ɗaya. Tsakiyar gashin ya tsaya a ruwan goro, bakinsa kuwa, da yake ya tsufa ya sha rilaksa da zafin ƙarfen miƙarwa, ya yi haske sosai. Ta sa mai shunayya minti 3, ba ta ga canji a tsakiya ba, domin shunayya ba ta da ƙarfin danne ruwan goro. Sai ta ce ai bai jiƙa ba ne, ta koma barinsa rabin awa, kuma duk wankin kai sai ta sa. Bakin gashin nan da ya riga ya buɗe ƙofofi sai ya yi ta zuƙar rini, ya koma toka-toka da dabbare-dabbaren shunayya, tsakiya kuma tana nan da ruwan goronta. Kai ɗaya, launi uku. Abin haushin ma, gashin gaba ɗaya sai ya fi da duhu, ƙyallinsa ya mutu, tunda kowane wanki ƙarin launi ne. In kuma ta yi fushi ta koma mai shuɗi ta shafa har bakin da yake ɗorawa, shuɗi da ɗorawa ai kore suke bayarwa.

Sai bushewa. Da yawa daga cikin irin wannan shamfun suna da sinadarin wanki mai ƙarfi, gashin da ya sha bilic kuwa dama a bushe yake, balle namu mai murɗe-murɗe da maiƙon fatar kai ba ya saurin gangarowa bakinsa. Za ki gane an wuce gona da iri idan kika ji shi kaushi-kaushi, matsefi yana fitowa da gutsattsari.

Ni a ganina sau ɗaya a mako ya isa, minti 2 zuwa 5, a jiƙaƙƙen gashi. Ki fara gwadawa a ɗan tsagi guda ta ƙeya. Ki sa shi inda ɗorawan ya fi yawa tukuna, bakin gashi ya zo ƙarshe, sannan ki bi da kondishina. In ya riga ya yi toka, kada ki ruga ki sake bilic. Rinin a sama-sama yake, ki ajiye kwalbar, wanki biyu ko uku da shamfu na yau da kullum zai fara sakinsa. Wanda ya tsaya a ruwan goro kuma kike son sa da haske, wannan aikin mai gyaran gashi ne. Masu jan lalle a kai kuma ku adana kuɗinku, jan lalle ya fi ƙarfin kwalaben nan biyu.