Idan za ka fara kallon finafinan Afirka, fara da Mandabi

Duk wanda ya nemi a ba shi shawarar inda zai fara kallon manyan finafinan Afirka, yawanci sunaye biyu ake miƙa masa: Yeelen na Souleymane Cissé ɗan ƙasar Mali, wanda ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Cannes a 1987, da Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty ɗan Senegal, na 1973. Dukansu gagaruman ayyuka ne, amma a ganina ba da su ya kamata sabon shiga ya fara ba. Na farkon ya nutse cikin asiran ƙabilar Bambara ta Mali da ba kowa ya san kansu ba, na biyun kuma yana tsalle daga zahiri zuwa mafarki ba tare da ya yi wa mai kallo sallama ba. Mutum kan kalle su ya tashi da tunanin cewa wannan harka ta 'yan boko ce. Ni inda nake tura mutane shi ne Mandabi na Ousmane Sembène ɗan Senegal, wanda ya fito a 1968, kuma dalilina shi ne a cikinsa ake ganin salon da gwanayen wannan fanni suka fi ƙwarewa a kai, wato ba da labarin 'yancin kai daga tsakar gidan talaka.

Sai an tuna yadda abin ya faro kafin a gane nauyin wannan salo. A ƙasashen da Faransa ta mallaka akwai wata doka ta 1934, wadda ake dangantawa da ministan Faransa Pierre Laval, da ta hana ɗaukar fim sai da izinin hukuma, kuma a aikace 'yan ƙasa ba sa samun izinin. Shi ya sa Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka ɗauki Afrique sur Seine a birnin Paris a 1955. Sembène kansa marubuci ne tun farko, ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya wallafa littattafai da Faransanci, sannan ya lura cewa mutanen da yake rubutu a kansu ba sa iya karanta shi. Sai ya tafi Mosko ya koyi haɗa fim yana dab da shekara arba'in. Mandabi shi ne dogon fim ɗinsa na farko da harshen Wolof na Senegal, kuma ana ƙidaya shi a matsayin na farko irinsa da aka yi da wani harshe na Afirka ta Yamma.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Ibrahima Dieng magidanci ne a Dakar, yana da mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya daɗe ba aikin yi, amma ba ya fita sai da babbar riga. Wata rana ɗan 'yar'uwarsa Abdou, mai sharar titi a Paris, ya aiko masa da takardar karɓar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. A wasiƙar da ya haɗo ya yi bayanin rabon: a ajiye masa 20,000, a ba mahaifiyarsa 3,000, kawun nasa ya riƙe 2,000. Kafin Dieng ya ma san me ke cikin wasiƙar, matansa sun riga sun karɓo shinkafa bashi wurin mai kanti, labari ya zaga unguwa, maƙwabta da masu neman taimako sun fara sallama a ƙofar gida.

Daga nan sai wahala ta fara, mataki bayan mataki. A gidan waya aka ce ba za a biya shi ba sai da katin shaida. A ofishin 'yan sanda aka ce katin ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da hotuna da kan sarki. A ofishin magajin gari aka tambaye shi ranar haihuwarsa, shi kuwa abin da ya sani kawai an haife shi wajejen 1900. Mai hoto ya karɓi kuɗinsa bai ba shi komai ba, da ya yi magana aka yi masa duka har da jini. Kowane zuwa sai ya ci kuɗin mota da na hannu, duk kuma bashi ne a kan kuɗin da bai taɓa ba. 'Yar'uwarsa ta iso daga ƙauye tana neman kasonta, har sai da aka jinginar da sarƙar zinaren matarsa. A ƙarshe wani ɗan boko mai suna Mbaye, mai kwat da mota, ya sa Dieng ya ba shi wakilci a rubuce, ya je ya karɓi kuɗin, ya dawo ya ce an sace.

Abin lura shi ne babu Bature ko ɗaya da ya zalunci Dieng a fim ɗin nan. Shekara takwas ke nan da samun 'yancin Senegal, ma'aikatan da ke bayan kowane tebur 'yan ƙasa ne, amma takardun da harshen da ake cike su duk gadon mulkin mallaka ne, kuma mutumin da bai yi boko ba ya zama baƙo a garinsa. Sembène bai tsaya yi mana lacca a kan haka ba. Ya bar mu mu bi dattijon nan daga layi zuwa layi, muna ganin yadda yake gyara rigarsa kafin ya shiga ofis, da yadda kafaɗarsa ke sauka idan ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai wanke Dieng ba. Mutum ne mai son girma, yana cika cikinsa ya yi barci alhali gidan na bashi, yana yi wa matansa tsawa alhali su ne ke riƙe da gidan da dabararsu. Zumunci ma an nuna shi da fuska biyu. Shi ne ya sa yaro mai shara a ƙasar sanyi ya tuna da uwarsa da kawunsa, shi ne kuma ya sa kowa ya ga yana da haƙƙi a kuɗin da ba nasa ba. Masu cewa finafinan wancan zamani yabon al'ada kawai suke yi, ko kuma zaginta kawai, ba su zauna sun kalli wannan ba.

Wanda ya gama da Mandabi, sai ya haura sama ya ga masu riƙe da tebur ɗin a Xala, wani fim ɗin Sembène na 1975. Fim ɗin ya buɗe da 'yan kasuwar ƙasa suna korar Turawa daga majalisar 'yan kasuwa, ana kiɗa ana rawa, jim kaɗan Turawan suka dawo suka ajiye wa kowa jaka cike da kuɗi a gabansa. Ɗaya daga cikinsu, El Hadji Abdou Kader Bèye, ya yi bikin ƙarin mata ta uku da dukiyar da ba ta halal ba, a daren farko kuma ya tarar an ɗaure shi, ya kasa kusantar amarya. Sauran fim ɗin yawon neman magani ne wurin bokaye da malamai, yayin da kasuwancinsa ke rushewa. Ma'anar a fili take: shugabannin da suka karɓi mulki ba su da ƙarfin haifar da komai. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda 'yarsa Rama ta zo ofishinsa, yana yi mata Faransanci tana mayar masa da Wolof, ya miƙa mata ruwan kwalba na ƙasar waje ta ƙi sha. Rigimar ƙasa guda ce aka taƙaita a tsakanin uba da 'ya.

Akwai ƙorafin da ake yi wa wannan salo, kuma yana da tushe. Wani lokaci Sembène yakan matsa wa saƙo har mutanen cikin labarin su koma alamomi, musamman a ƙarshen fim, inda wani zai fito ya faɗi darasin da baki. Wanda wannan ya dame shi zai samu sauƙi wurin Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso. A Tilaï na 1990, wanda ya ci babbar lambar alƙalai a Cannes, Saga ya dawo ƙauye bayan doguwar tafiya ya tarar mahaifinsa ya auri Nogma, yarinyar da aka yi wa shi Saga alkawari. Saga da Nogma suka ci gaba da haɗuwa a ɓoye, abin da a dokar garin ya zama kwana da matar uba, hukuncinsa kisa. Ƙuri'a ta faɗa kan ɗan'uwansa Kougri, shi zai zartar. Babu gwamnati a nan, babu ɗan mulkin mallaka, babu mugu guda da za a nuna da yatsa. Kowa yana bin abin da ya ɗauka daidai ne, kuma hakan ne ya hallaka gidan. Ban san wani fim da ya ɗauki al'ada da muhimmanci haka ba, ya nuna ƙarfinta da tsadarta a lokaci guda.

Labarin gwagwarmayar neman 'yanci da makami ma ta ƙofar gida aka fi shigar da shi da kyau. Sambizanga na Sarah Maldoror, na 1972, yana magana ne kan Angola a ƙarƙashin Fotugal a 1961, amma abin da muke bi shi ne Maria, goye da jariri, tana yawo daga wannan ofishin 'yan sanda zuwa wancan tana neman mijinta Domingos da aka kama, ba ta ma san yana cikin harkar siyasa ba. Wanda ya riga ya ga Dieng a layin gidan waya zai gane wannan tafiya nan take.

Mu masu jin Hausa ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Lokacin da bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu, wanda aka fara a 1969, ya soma ba da babbar lambarsa a 1972, Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara ɗauka da Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa miji. A Najeriya kuma Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa a 1976, shekaru da dama kafin a fara finafinan bidiyo a Kano.

Babbar matsalar ita ce samun su. Yawancin waɗannan finafinai an yi su ne da tallafin kuɗi daga Turai, an fi nuna su a bukukuwan can, gidajen silima na nan kuwa finafinan Indiya da Amurka suka cika su, don haka mutanen da aka yi dominsu su ne suka fi ƙarancin ganinsu. An ɗan samu sauƙi yanzu, domin an gyara tsofaffin kwafin Mandabi da Touki Bouki da Sambizanga, hoto da sauti sun fito tas. Mai nema ya dage ya samu gyararren kwafi, domin tsofaffin da ke yawo sun dusashe, rubutun fassarar da ke ƙasa ma da ƙyar ake karanta shi. Game da Mandabi kuma a sani cewa an ɗauke shi kashi biyu, da Faransanci da Wolof, saboda sharaɗin masu ba da kuɗi. Na Wolof za a nema, domin rabin labarin yana cikin jin yadda harshe ke canzawa da zarar Dieng ya taka ƙofar ofis.