Kafin almakashi ya hau shadda

Shekara goma sha huɗu ina ɗinki a Jekadafari, nan cikin Gombe, kuma na yarda yawancin abin da ake kira ƙaryar tela daga kunya yake farawa. Mutum ya shigo da leda, ka san littafinka ya cika, amma nauyinsa ya hana ka magana, sai ka ce "to, in sha Allahu". Wannan "to" ɗin kwanan wani ka ɗauka ka ba shi, wanda ya kawo kayansa tun Sha'aban, kuma ba ka nemi izininsa ba.

Ran 18 ga azumin da ya wuce, aminin mahaifina ya shigo da shadda kala biyar: babbar rigarsa da kaftanin yara huɗu. Mutumin da aka yi sunana yana wajen. Bayan mun gaisa na ce, "Baba Alhaji, a ba ni minti biyu in duba littafi." Minti biyun nan su ne rabin aikin, domin amsar da aka bayar a tsaye kunya ce take bayar da ita.

Ga lissafin da na yi. Ni da yarana biyu muna gama kaftani huɗu a yini, daga yanka har ɗinki, idan ba mai aiki da yawa ba ne. Ba na lissafi da ranar da muka taɓa yin shida, don ranar wuta ba ta ɗauke ba kuma babu wanda ya dawo da gyara. Kullum ina ɗauka azumi 29 za a yi, saboda haka kwana 11 suka rage. Na cire biyun ƙarshe na guga da maɓalli da wanda zai dawo ya ce hannu ya yi tsawo. Saura 9, sau huɗu, 36 ke nan. A littafi akwai 34. Gurbin kaya biyu kawai nake da shi. Babbar riga kuwa ba ma a hannuna take ba, sai ta je wajen mai aiki, shi kuma ya rufe karɓa tun goma ga wata.

Na juya masa littafin ya gani da idonsa. Na ce, "Baba, biyar ba za su samu kafin Sallah ba, kuma ba zan ce maka za su samu ba. Na ƙananan yaran biyu zan gama ran 27. Sauran ukun sai sati ɗaya bayan Sallah. In kuma dole a sa su ranar Idi, akwai abokin sana'ata a Bolari da ke da sauran wuri, yanzu in kira shi."

Ransa bai yi daɗi ba. Ya ce, "Haba ɗana, ni ma sai an sa ni a layi?" Nan ne da yawanmu muke karyewa. Na ba shi haƙuri, na sake faɗin ranakun nan yadda na faɗe su da farko, ban ƙara wani dalili ba. Duk dalilin da ka ƙara, ƙofar ciniki ka buɗe. Ka ce matsalar wuta ce, ya ce zai sayi man janareta, alhali hannun da zai yi ɗinkin ne babu.

Abu ɗaya na iya yi masa. A littafin akwai wani malamin makaranta da kaftaninsa na ɗaurin aure ne, makonni biyu bayan Sallah. A gaban Alhaji na kira shi, na tambaye shi ko zai yarda in matsar da nasa zuwa kwana biyar bayan Sallah. Tambaya na yi, da ya ƙi da shi ke nan. Ya yarda, sai yaro na uku ya samu gurbi. Ɗage alkawari ran 18 ga wata roƙo ne, mutum yana da damar neman mafita. Ka bari sai daren Sallah, ka kashe waya, ka riga ka cuce shi.

Sauran biyun ban karɓi kafin alƙalami a kansu ba, ban kuma bari an sa musu almakashi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a sana'armu: a yanka shaddar mutum don kawai ya gani ya ɗauka an fara. Muddin ba a yanka ba, zai iya ɗaukar abinsa ya kai wani wuri, amma da wuya wani tela ya karɓi yankan da ba nasa ba. Na taɓa yin haka a shekarun farko, yaro ya je Idi da tsohuwar riga, kuma har yau ina jin nauyin mahaifinsa in mun haɗu a masallaci.

Alhaji ya kai kaftani ɗayan Bolari. Babbar rigar ya bar ta a wajena, ya ce zai sa ta bara ya je Idi. Ran 27 bayan la'asar direbansa ya zo ya karɓi na yara uku.