"Kun gane?" "Eh, malam!"

Ni dai na daina yi wa ɗalibai wannan tambayar. Ka haska musu shafi da majigi, ka yi bayani har maƙogwaro ya bushe, ka ce kun gane, aji ya amsa baki ɗaya. Wa zai ɗaga hannu a gaban 'yan'uwansa ya ce shi ne bai gane ba?

Yanzu shafi na gaba tambaya ɗaya nake sakawa a kan abin da na gama nunawa, da amsoshi huɗu. Kuma wallahi waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci amfani a wurina.

Kwanan baya na koyar da kashi cikin ɗari. Sai na tambaya: atamfa ce ta naira 10,000, aka ƙara mata kashi 20, daga baya aka rage kashi 20, nawa ta koma? Kowa ya rubuta harafi a takarda, aka ɗaga lokaci guda don kada a leƙi na gwanin aji. Cikin ɗalibai 40, mutum 13 ne suka ce 9,600, wanda shi ne daidai: ta hau 12,000, aka cire 2,400.

Sauran fa? Uku sun ce 11,980, wato naira 20 suka cire daga 12,000, wajen ragi sun rikita kashi 20 da naira 20. Waɗannan sai an koma da su tushe. Biyar sun ce 8,000, sun tsallake ƙarin, gaggawar karatu ce kawai. Amma mutum 19 sun ce 10,000, wai ƙari da ragi sun kashe juna. Da canki-canka suke yi, da kowace amsa ta samu wajen mutum goma. Taruwar 19 a wuri ɗaya tunani ne iri ɗaya, kuma daga wani wuri suka ɗauko shi.

Na koma shafina, sai kunya ta kama ni. Misalai uku na bayar, dukkansu daga farashin farko ake lissafi, babu inda kuɗin ya canza aka sake lissafi a kan sabon. Abin da na nuna musu suka bi.

Shi ya sa nake jin haushin masu cika zaɓi da amsoshin banza da ko yaro ba zai ɗauka ba. Kowace amsar kuskure kamata ya yi ta fito daga kuskuren da ka san ana yi. Ko waɗanda suka ci ma ban sake su ba, na ce wata ta fito allo, sai ta ce ita dai ta ga 10,000 ya yi sauƙi da yawa ne.

Washegari na ƙara misali mai hawa biyu, na juya tambayar: a fara ragewa, sannan a ƙara. Daga 8,000 aka ƙara 1,600, aka sake sauka a 9,600.