Sabon kundin GDP ya buɗe wa bayanan kwamfuta ƙofa, ya bar mai reno da mai jinya a waje

A watan Maris na 2025 ne Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabon kundin ƙa'idojin da ƙasashe za su riƙa bi wajen lissafa GDP, wato ma'aunin girman tattalin arzikin ƙasa. Kundin zai maye gurbin na 2008. An kwashe shekaru ana taruka a kansa, kuma ana sa ran ƙasashe su fara aiki da shi wajen 2029 zuwa 2030. Abin da aka fi yayatawa shi ne daga yanzu bayanan da kamfanoni da hukumomi ke tarawa a kwamfuta sun zama kadara, kuɗin da aka kashe wajen samar da su kuma zuba jari ne, saboda haka za su ƙara wa GDP nauyi. Amma matar da ta wuni tana reno, ta kwana tana juya mahaifinta marar lafiya, har yanzu aikinta sifili ne a wannan ma'auni. An ce a ajiye shi a wani lissafi na gefe. Wannan hukunci ne ya ba ni haushi, kuma ban ga hujjar da za ta wanke shi ba.

GDP jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakokin ƙasa ne a shekara ko a wata uku, kuma ana tara shi ne ta hanyar ƙarin darajar da kowane hannu ya yi. A ɗauki riga guda. Manomi ya sayar da auduga a kan 100. Mai kaɗi ya mai da ita zare ya sayar 150, ƙarinsa 50 ke nan. Masaƙa ta sayar da yadi 250, ta ƙara 100. Tela ya ɗinka ya sayar 400, ya ƙara 150. Idan aka haɗa 100 da 50 da 100 da 150, an sami 400, daidai da kuɗin rigar, babu abin da aka ƙirga sau biyu. Lissafin yana da tsabta har zuwa nan, kuma ba ni da ja a kansa.

Matsalar tana farawa ne ranar da rigar ta shiga gida. Za a wanke ta, a shanya, a goge, a ɗinke maɓallin da ya tsinke, shekara da shekaru. In an kai wa mai wanki da guga an biya shi, GDP ya ƙaru. In uwar gida ce ta yi, da sabulu iri ɗaya da ciwon baya iri ɗaya, sabulun kaɗai za a ƙirga. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, Arthur Pigou, ya faɗi wannan tun 1920: idan mutum ya auri mai yi masa aikin gida, kuɗin shigar ƙasa ya ragu, alhali aikin yana nan ana yin sa. Fiye da shekara 100 ke nan ana koyar da wannan misali a jami'o'i kamar wani abin nishaɗi, ba a ɗauke shi a matsayin aibin da ke bukatar gyara ba.

Masu kare tsarin suna cewa aikin gida ba shi da farashi, don haka ba ya aunuwa. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba, domin GDP cike yake da abubuwan da babu wanda ya biya ko sisi a kansu. Mutumin da ke zaune a gidan kansa ba ya biyan haya, amma masu ƙididdiga suna ƙiyasta abin da zai biya da a ce haya yake yi, su zuba a GDP. Manomin da ya noma abin da iyalinsa za su ci, bai kai kasuwa ba, ana ƙiyasta amfaninsa a saka. Makarantar gwamnati da ba a biyan kuɗi, ana auna ta da abin da aka kashe wajen albashi da kayan aiki. A 2014 ƙasashen Tarayyar Turai sun shigar da cinikin miyagun ƙwayoyi da karuwanci cikin lissafinsu, abin da ya ƙara wa GDP na Birtaniya kimanin fam biliyan 10, kuma babu dillalin ƙwaya da ke ba da rasit. Su kansu bayanan kwamfutar da aka karɓa yanzu, akasarinsu ba a sayar da su a kasuwa, sai an koma ga lokacin ma'aikata da kuɗin da aka kashe kafin a sa musu daraja. To in ana iya ƙiyasta sa'o'in mai tattara bayanai, me ya hana a ƙiyasta sa'o'in mai jinya?

Inda aka ja layin ma abin a duba ne. Ƙa'idar ita ce kayan da gida ya samar don kansa suna ciki, hidimar da ya yi wa kansa tana waje. Saboda haka ɗebo ruwa da yo itace, a bisa kundin, samar da kaya ne, suna shiga. Amma da an hura wutar an ɗora tukunya, an fita daga tattalin arziki. Mace guda, a safiya guda, rabin aikinta arzikin ƙasa ne, rabi ba komai ba ne. Madarar gwangwani da aka saya wa jariri tana cikin GDP, nonon uwa ba ya ciki, duk da cewa shi Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ba yaro zalla har wata shida.

Kuma kada a ce ba a san yadda za a bambance aiki da hutu ba. Tun 1934 Margaret Reid ta kawo gwaji mai sauƙi: duk abin da za ka iya biyan wani ya yi maka, aiki ne. Za ka iya biyan wani ya yi maka girki ko ya kula da yaronka, ba za ka iya biyan wani ya yi maka barci ba. A shekarar ce kuma Simon Kuznets, wanda ya shirya wa majalisar dokokin Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasar, ya yi gargaɗi cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga irin wannan ma'auni. Ƙasar Norway ta taɓa saka aikin gida cikin lissafinta, ta cire shi a 1950 don ta daidaita da sauran ƙasashe. Wato cire shi shawara ce da mutane suka zauna suka yanke, ba dokar halitta ba ce.

Abin da aka bari a waje ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa ana yin sa'o'i biliyan 16.4 na aikin gida da kula da mutane ba tare da biya ba a kowace rana, kuma mata ne ke yin kashi 76 cikin 100. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya sa wa irin wannan aiki darajar fam tiriliyan 1.24 a 2016, wato kamar kashi 63 cikin 100 na GDP na ƙasar. Yadda ake yi ba asiri ba ne. Ana zaɓar gidaje, kowa ya rubuta abin da ya yi da sa'o'insa 24, sannan a ninka sa'o'in girki da albashin mai girki, na reno da albashin mai reno. Akwai gardama a kan wane albashi ya dace, da yadda za a ƙirga mai girki da goyo a bayanta, amma gardamar ba ta fi ta ƙiyasin hayar gida tsanani ba.

Wani zai ce to, an bar shi a waje, sai me? Ɓarnar ita ce ma'aunin yana ba da labarin bunƙasar da ba ta faru ba. A ce wata mata tana gida tana kula da 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta. Ta sami aiki na albashi 1,000 a wata, ta ɗauki mai reno tana biyan ta 400. GDP ya tashi da 1,400. Amma renon da ake biyan 400 ɗin a jiya ma ana yin sa, ya dai ƙetaro layi ne. Sabon abin da aka samar 1,000 ne kawai. Idan miliyoyin gidaje suka yi haka cikin shekara 30 ko 40, wani kaso na bunƙasar da gwamnatoci ke tunƙaho da ita sauyin wuri ne kawai. Masu bincike a ofishin nazarin tattalin arziki na gwamnatin Amurka sun gwada: da an saka aikin gida, da GDP na ƙasar ya ƙaru da kashi 39 cikin 100 a 1965, amma kashi 26 kacal a 2010. Ma'ana, saurin bunƙasar da aka sanar a tsakanin ya zarce na haƙiƙa. Hanyar ganewa ita ce a ɗora alƙaluman GDP kusa da binciken sa'o'i: in GDP na hawa, sa'o'in aikin gida na sauka, to a cire wani abu daga murnar.

Juyin wannan ya fi muni. Gwamnati ta rage gadajen asibiti, ana sallamar majinyata da wuri, takarda ta nuna an yi tsimi. Ciwon bai tafi ko'ina ba. Ya koma ɗaki, inda 'ya ko mata ke wanke gyambo, tana ƙirga ƙwayoyin magani, tana tashi tsakar dare ta canza shimfiɗa, wani lokaci ta bar aikinta ko karatunta. Babu ministan kuɗin da zai ga wannan a rahoton da aka ajiye masa, saboda haka babu wanda zai tambaye shi. An ga irin haka a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu da wuraren renon yara: aikin ya dawo kan iyaye, ya ɓace daga ma'auni a daidai lokacin da ya fi nauyi. Abin da ba a ƙirga ba shi ake ɗora wa kaya, don ana ganin kyauta ne.

Manyan bankunan ƙasashe suna cewa GDP kayan aikinsu ne na lura da kasuwa da hauhawar farashi, in aka cika shi da ƙiyasi zai dusashe. Ba su faɗi haka ba ranar da ake saka hayar da babu mai biya. Su kuma masu cewa a watsar da GDP gaba ɗaya a koma auna farin ciki, ba su taimaki kowa ba, don da alƙaluma ake tsara kasafi da biyan bashi. Ban manta ba cewa sabon kundin ya yarda a riƙa cire ƙarewar ma'adinai da dazuzzuka, amma a wani ma'auni na daban ne, GDP da ake karantawa a labarai bai motsa ba.

Lissafin gefe kuwa mun san makomarsa: ba wajibi ba ne, ba shi da ranar fita, shi ake fara yankewa in kuɗi sun yi ƙaranci. Abin da nake so bai da yawa. A wajabta binciken sa'o'i a kai a kai, a riƙa sanar da adadi biyu rana ɗaya, a shafi ɗaya, ɗaya da aikin gida ɗaya babu, kuma duk wanda zai rufe gadon asibiti ko ajin yara ya rubuta sa'o'i nawa ya tura gidajen mutane. Daga kundin 2008 zuwa wannan shekara 17 aka yi. In ba a matsa wa ofisoshin ƙididdiga kafin 2030 ba, yarinyar da aka haifa bana za ta isa reno da jinya kafin a sake buɗe maganar.