Ƙosanmu ya fi falafil ɗinsu sauƙin lissafi

Wata abokiyar aikina a nan Manchester ta leƙa kwanona ta ga ƙosai, sai ta ce wai irin abincinmu ba ya lissafuwa da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, mai ne zalla. Maganar ta yi min ciwo, don a lokacin naɗin falafil ne a hannunta, wanda ta sayo a wata rumfar bakin titi.

Falafil wani wake ne mai zubin gujiya da ake jiƙawa a markaɗa da ganye da tafarnuwa, a dunƙula a soya cikin mai tsundum. Sai a shimfiɗa faffaɗan burodi marar kauri, a jera dunƙule biyar ko shida, a watsa kabeji da tumatir, a tsiyaya markaɗaɗɗen riɗi daga gorar roba, a naɗe. Ganyen da ke leƙowa shi ke sa su kira shi abincin lafiya.

Gaskiya suna da tsari. Tun Afrilun 2022 doka a Ingila ta tilasta wa masu sayar da abinci da ke da ma'aikata 250 zuwa sama su rubuta kalori a gefen kowane abinci. Amma dokar ba ta hau kan mai rumfa ba, don haka ita ma abokiyar tawa kintace take yi.

Kintacen kuwa yana da hanya. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4, shi ya sa babban cokali ɗaya na mai ke kai wajen 120. Sai ka rarraba abincin, ka ƙiyasta kowane ɓangare. Matsakaicin dunƙulen falafil kan kai kalori 55 zuwa 60, shida sun tasam ma 350. Burodin ya kai 200 ko fiye. Riɗin shi ne ɓoyayyen, babban cokali ɗaya wajen 90, kuma hannun mai rumfa ba ya tsayawa a ɗaya, mu ce biyu. An haura 700 ke nan, kuma abokiyar tawa ba ta ga yadda aka haɗa ko ɗaya ba, don ƙullun a bokiti yake zuwa daga wani wuri.

A gida fa? Mai ƙosai a gabanka take komai, kuma in ka ce mata "Inna, wake nawa kike jiƙawa, mai nawa ke ƙare miki?" za ta faɗa ba tare da tunani ba, don da wannan lissafin take sanin ribarta. Abin da ake so shi ne man da ya tafi daga kasko tsakanin fara suya da tashi, ba wanda aka zuba ba. A ɗauka ta jiƙa kilo 2 na wake, ta fitar da ƙosai 200, rabin lita na man gyaɗa ya tafi. Busasshen wake wajen kalori 340 ne a giram 100, kilo biyu 6,800 ke nan. Rabin litar mai ta ɗan haura 4,000. A haɗa a raba gida 200, kowane ƙosai ya kama wajen 55. Goma sun ba ka 550, kafin sukarin koko, wanda kowane babban cokalinsa ya kusa 50.

In ba halin tambaya, ido da hannu sun isa su gyara lissafin. Ƙosan da aka jefa a man da bai yi zafi ba yakan fito fari-fari da nauyi, in ka matsa mai ya tsatso, takardar ta jiƙe sharkaf. Irin wannan ina ƙara masa babban cokali guda na mai a kan kowane goma. Ƙanana ma sun fi manya shan mai in aka auna nauyi ɗaya, saboda ɓawonsu ya fi yawa. Kuma kada ka riƙe lamba ɗaya, ka ce tsakanin 500 da 700. Ko waɗanda doka ta sa su rubuta an bar musu sarari na kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa.

Ban ce ba mu da matsala ba, muna maimaita mai har ya yi baƙi, mai tsire kuma yana yi wa nama wanka da mai bayan ƙulin da ya sha. Amma a Zariya na san wadda ke soya min, na san gidansu, na san ranar da ta canja mai, in ƙosai ya sha mai zan faɗa mata gobe ta gyara wuta. A nan kuwa kati kake dangwalawa a na'ura, a miƙo maka naɗi, wanda ya miƙo ɗin ma mako mai zuwa wani ne daban, balle ka tambaye shi cokali nawa na riɗi ya zuba.